Allo Ya Ce Kaya Sun Isa

Laraba, bayan isha'i

Saƙon kamfanin aike ya shigo wayata da ƙarfe 7:52 na dare. A gaban lambar bibiyar ƙunshin da na tura Gwarinpa an rubuta Delivered. Na tura wa Hajiya, kwastomar da ta sayi kayan, hoton allon, na ce Allah ya sa kayan sun yi mata. Ba a jima ba ta kira ni. Ta ce tun la'asar tana gida, babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, babu wanda ya kira wayarta, ta leƙa wajen maigadinsu shi ma bai ga kowa ba.

Zan rubuta abin da ke cikin ƙunshin tun yanzu, don gobe da shi zan yi magana. Leshi yadi 5 na naira 95,000, atamfa turmi 2 kowane naira 38,000, da mayafi ɗaya na naira 15,000. Jimla naira 186,000. Ranar Asabar na sayo su a Kantin Kwari, ranar Litinin na kai su reshen kamfanin na nan Kano, aka ɗora a sikeli ya ba da kilo 3.9, na biya naira 9,500 kuɗin aike. Bikin ƙanwar Hajiya wannan Asabar ɗin ne, kuma telanta ya yi mata alkawarin ɗinkin gaggawa in leshin ya shiga hannunsa zuwa Juma'a.

Na roƙe ta abu biyu kafin ta kwanta. Ta ɗauko min hoton jerin kiran da ya shigo wayarta yau, kuma kada ta goge saƙon lambobi huɗu da kamfanin ya turo mata da safe. Waɗannan lambobin su ne mabuɗin. Ƙa'idar ita ce mai babur ba zai rufe aiki ba sai mai karɓa ta karanta masa su bayan kaya sun shiga hannunta. Hajiya ba ta karanta wa kowa ba.

Alhamis

Da safe na kira layin kwastomomi. Yarinyar da ta ɗauka tana da ladabi, amma abin da nake gani a wayata shi take karanta min daga nata allon. Na ce ta duba sunan wanda ya karɓa. Ta ce an rubuta Security. Na ce a wane gida. Ta ce wannan ba ya fitowa a wajenta. Sai ta ba ni shawarar in ce wa kwastoma ta kira su da kanta ta shigar da ƙorafi.

Wannan shawarar ban ɗauka ba, kuma ina ganin duk mai sana'a irin tawa bai kamata ya ɗauka ba. Sunana ne a kan webil a gurbin mai aikawa, ni na biya, ni aka miƙa wa rasit. Yarjejeniyar tsakanina da kamfanin take. Hajiya da ni ta yi ciniki, kuma abin da ta saya kaya ne a hannunta, ba rubutu a allo ba. In na tura ta ta riƙa kiran ofishin da bai san ta ba, na ɗora mata aikin da ba nata ba, sannan na ba kamfanin damar ya ce mata sai mai aikawa ta yi magana, ni kuma ya ce min sai mai karɓa ta yi magana, ranaku su tafi a haka.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kalmar da ke fitowa a allon ba daga wata na'ura mai gani take zuwa ba. Sauran matakan tafiyar ƙunshi, shigarsa reshen Kano, hawansa mota, saukarsa ma'ajiyar Abuja, duk ana haska lambar da ke manne jikinsa a ofis, gaban ma'aikata. Mataki na ƙarshe kuwa mutum ɗaya ne a bakin titi yake danna wayarsa. Yana iya dannawa a ƙofar gidan da ya dace, yana iya dannawa a ƙofar wani gidan, yana iya dannawa kayan na nan cikin akwatin babur ɗinsa don kada a ƙirga masa aikin da bai kammala ba a ranar. Don haka tambayar da zan yi ba “ina kayana” ba ce. Tambayar ita ce, da wace hujja aka danna.

Na zauna bayan azahar na rubuta wa manajan reshen da na kai kayan, ta WhatsApp, da kwafi zuwa adireshin imel ɗin da ke bayan rasit. Murya ba ta barin shaida, shi ya sa na zaɓi rubutu. Ga abin da na tura:

“Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni ce na aika ƙunshi daga reshenku ranar Litinin zuwa Gwarinpa, Abuja. Hoton webil da rasit suna haɗe da wannan saƙo. Nauyinsa kilo 3.9, darajar da aka rubuta naira 186,000. Jiya Laraba da ƙarfe 7:52 na dare an nuna cewa an miƙa shi. Mai kayan ba ta karɓa ba. Tana gida a lokacin, ba a kira ta ba, ga hoton jerin kiranta. Lambar karɓa da kuka tura mata ba ta ba kowa ba, ga hoton saƙon. Maigadin gidan ya ce ba a ba shi komai ba.

“Ina roƙon ku turo min shaidar miƙawa: cikakken sunan wanda ya karɓa da sa hannunsa, hoton da aka ɗauka a wurin in akwai, inda wayar mai babur take a lokacin da ya rufe aikin, da bayanin yadda aka rufe ba tare da lambar karɓa ba. Ina roƙon a buɗe ƙorafi a ba ni lambarsa yau, a kuma gyara bayanin da ke allo ya nuna ana bincike. Kayan biki ne na ranar Asabar. In zuwa ƙarfe 12 na ranar Juma'a ba a samo shi ba, zan sake sayen wasu in tura, kuma zan nemi ku biya darajar da ke kan webil da kuɗin aike. Na gode.”

Ban ce an sace ba. Ban san an sace ba, kuma daga lokacin da ka kira mutum ɓarawo, maganar ta tashi daga neman kaya ta koma kare mutunci, kowa a ofishin ya tsaya bayan ɗan'uwansa. Ban kuma yi barazanar fallasa su a Instagram ba, ko da yake wata abokiyar sana'a ta ce haka kawai suke jin magana. Wataƙila suna ji, amma wanda ke ji shi ne mai kula da shafinsu, ba mai binciken ma'ajiya ba.

Amsar manaja ta zo da yamma: “Hajiya mun gani, za mu bincika.” Na ce na gode, lambar ƙorafin fa? Sai bayan magariba ya turo ta.

Juma'a

Da sassafe manaja ya kira. Ya fara da abin da na san zai zo. Ya ce, “Hajiya, kin tabbata da wannan kwastomar taki? Muna ganin irin haka. Mutum ya karɓi kaya ya ce bai karɓa ba.”

Ban ji haushin tambayar ba, don gaskiya ce ana yi. Sai dai akwai yadda ake ganewa. Wanda ya karɓa yake musu yawanci yana saurin neman a mayar masa da kuɗi, ba ya son a je a tambayi maigadi, kuma in ka nemi hoton jerin kiransa sai ya fara kewaye-kewaye. Hajiya kayanta take nema, ita ta fara zuwa wajen maigadi kafin in ce mata, ta kuma sa ɗanta ya je babbar ƙofar layinsu ya duba littafin da masu gadi ke rubuta masu shiga. Babu babur ɗin kamfanin a shafin Laraba. Amma duk wannan ma ba shi ne abin dogaro ba. Na ce masa, ranka ya daɗe, ba sai mun auna gaskiyarta ba, tsarinku ne ya tanadi lamba don irin wannan ranar. In ta karɓa, lambar za ta fito a wajenku an shigar da ita. Ka duba.

Ya yi shiru yana dannawa. Sai ya ce ba a shigar da lamba ba. A manhajarsu akwai zaɓin da mai babur ke bi in mai kaya ba ya nan, ya nuna ya bar wa maigadi, ya ɗauki hoto. Ta nan aka rufe. Na ce a turo hoton. Da ya zo, ƙunshina ne, da jan salatif ɗin da nake naɗewa da shi, a kan benci gaban wani get baƙi. Na tura wa Hajiya. Ta ce get ɗinsu ruwan toka ne, kuma babu benci a ƙofarsu.

Wanda ya san Gwarinpa ba zai yi mamaki ba. Unguwa ce mai girma da aka tsara da manyan tituna masu lamba, ƙananan tituna masu lamba, sannan lunguna masu harafi, kuma haruffan suna maimaituwa daga wannan titi zuwa wancan. Lambar gida ɗaya da harafin lungu ɗaya za ka iya samunsu a wurare da dama. In mai babur ya riƙe lambar gida da harafi ya saki lambar titi, zai tsaya a ƙofar da ta yi daidai da rabin adireshin, ya kuma yi imani ya zo. Abin da ke hana wannan kuskuren shi ne kiran waya, kuma shi ne ba a yi ba.

Na nemi lambar mai babur ɗin. Manaja ya ce ba sa bayarwa, amma zai sa reshen Abuja su haɗa mu. Ƙarfe 12 ta wuce ba labari. Na yi abin da na ce zan yi. Bayan an sauko daga masallaci na shiga Kwari, na samu irin leshin a wajen mai shagon da na saba, atamfar kuma zane ɗaya ya ƙare, sai da na ɗauki hoton wasu na tura Hajiya ta zaɓa. Daga nan tashar Unguwa Uku. Na ba direban motar Abuja, na rubuta lambarsa da lambar motar, na biya a teburin 'yan kamasho aka ba ni takarda. Ba hanyar da ta fi tsaro ba ce, ba inshora, in kaya sun ɓata sai dai sulhu a ofishin ƙungiyar direbobi. Amma direba yana kira, kuma ba ya sakin kaya sai ya ga mai su.

Yanzu naira 186,000 sau biyu ta fita daga jarina a kan ciniki ɗaya. Ribar da ke cikin cinikin duka ba ta kai naira 25,000 ba.

Asabar

Motar ta isa Jabi cikin dare, ɗan Hajiya ya karɓo da asuba. Leshin bai samu ɗinki ba, lokaci ya ƙure. Ta sa wani kayan ta tafi bikin. Ba ta yi min faɗa ba, kuma wannan ya fi min ciwo.

Mai babur ɗin ya kira da hantsi. Yaro ne, daga muryarsa, kuma a tsorace yake. Ya ce wallahi ya kai, ya ba maigadi. Na ce, “Malam, na ga hoton, na yarda ka ajiye a wani wuri. Ba faɗa na kira mu yi ba. Ka tuna min titin.” Ya ce dare ya yi masa, kaya sun yi yawa ranar, cajin wayarsa ya kusa ƙarewa, kuma katin kira daga aljihunsa yake sawa. Ya tambayi wani mai shago lungu kaza, aka nuna masa, ya ga lambar gidan, maigadi ya ce Hajiya na ciki, ya miƙa. A Gwarinpa gida nawa ne babu Hajiya a ciki?

Bayan mun gama na tura masa saƙo a rubuce, gajere, don ya samu abin nunawa a ƙofar:

“Malam, ga cikakken adireshin da ke kan webil, ga hoton get ɗin da ka ɗauka. Don Allah ka koma can yau ka karɓo. Kada ka buɗe, kada ka ƙara salatif. Ka ɗauki hotonsa yadda ka same shi ta kowane gefe, ka rubuta sunan wanda ya ba ka. Ka kai ofishinku a auna kafin a kai ko'ina.”

Batun aunawa na nanata wa manaja shi ma. Ƙunshin da ya kwana uku a hannun da ba a sani ba, ba a karɓarsa da ido kawai.

Ya koma da yamma. Maigadin da ya karɓa ba ya nan, wai ya tafi gida sai Litinin, wanda ke wurin kuma ya ce bai san zancen ba.

Lahadi

Ba abin da ya motsa. Na ɗauko rasit na karanta ƙananan rubutun da ke bayansa da kyau, don in san inda na tsaya in kayan ba su fito ba.

Abu biyu ne a ciki suka shafe ni. Na farko, diyya ba ta wuce darajar da aka rubuta a webil ranar aikawa. Nan ne 'yan'uwana masu sayar da kaya ta waya suke faɗawa rami. Kuɗin aike yana ƙaruwa in darajar ta yi sama, sai a ce wa ma'aikacin ya rubuta naira 20,000 a kan kayan naira 200,000 don a rage 'yan ɗaruruwa ko dubu ɗaya. Ranar da kaya suka ɓata, takardar da ka sa wa hannu ita za a buɗe maka, kuma ba ka da bakin magana. Haka wanda ya rubuta “kaya” kawai a gurbin bayani, maimakon leshi yadi kaza, atamfa turmi kaza. Na biyu, akwai wa'adin shigar da ƙorafi, 'yan kwanaki ne, kuma ana fara ƙirgawa daga ranar da allo ya ce an miƙa. Wato wannan kalmar ta ƙarya tana cin wa'adinka tun kana jiran a kira ka. Dalilin da ya sa na matsa sai an ba ni lambar ƙorafi ranar Alhamis ke nan.

In kamfani ya ƙi, akwai inda ake zuwa. Hukumar NIPOST ce ke ba kamfanonin aike lasisi a Najeriya, tana da sashen da ke sa musu ido. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, tana karɓar ƙorafi a kan aikin da aka biya ba a yi ba. Duk inda ka je, takardu za a tambaye ka: webil, rasit, saƙon da ka tura da ranarsa, amsar da aka ba ka. Na haɗa nawa wuri ɗaya a waya. Ban ambaci hukumomin ga manaja ba tukuna, don har yanzu yana amsa min.

Litinin

An samo ƙunshin. Maigadin ya dawo, ya fito da shi daga ɗakinsa. Ya ce ya shigar cikin gida a daren, aka ce ba nasu ba ne, ya ajiye yana jiran a zo.

Hotunan da mai babur ya turo sun nuna jan salatif ɗina a gefe uku. A gefe na huɗu akwai farin salatif a kan jan. Na ce a auna. Sikelin reshen Abuja ya ba da kilo 3.0. Na ce a buɗe a gaban manajansu ana ɗaukar bidiyo. Leshi na nan, mayafi na nan, atamfa turmi ɗaya. Ɗayan babu.

Da ba a auna ba, da an kai wa Hajiya ko an dawo min da shi, an sa hannu, an rufe ƙorafi, sai daga baya in buɗe in ga giɓi, a lokacin kuma maganata ce kawai a kan tasu. Yanzu lambobi biyu ne na kamfanin da kansa, 3.9 a Kano da 3.0 a Abuja, kuma tsakaninsu kayan ba su taɓa shiga hannuna ko na kwastomata ba. Ban san wanda ya zare turmin ba, ko a ɗakin maigadi, ko a cikin gidan, ko kafin nan. Ba aikina ba ne in gano. Kamfanin na ba amana, shi ya ajiye ta inda ba a ce ya ajiye ba.

Na rubuta wa manaja saƙo na biyu. Na nemi naira 38,000 na turmin da ya ɓata, naira 9,500 na aiken da ba a yi ba, da a dawo min da sauran kayan Kano ba tare da na biya ba. Kuɗin motar tasha ma na sa, ko da yake na san bayan rasit ya ce ba sa ɗaukar asarar da ta biyo bayan jinkiri.

Talata

Manaja ya kira ni ofis. An ba ni fom na cike, na haɗa da rasit ɗin mai shagon Kwari, wanda shi ne ya tabbatar da farashin turmin. Sun amince da naira 38,000 da naira 9,500 da dawo da kaya kyauta. Kuɗin tasha sun ƙi. Ya ce biyan zai ɗauki kwanakin aiki 14, na ce a rubuta min haka a kan kwafin fom ɗin, ya rubuta ya buga hatimi.

Kafin in tashi na tambaye shi daga ina kuɗin za su fito. Ya ce daga albashin yaron za a cire. Na ce masa yaron ya yi laifi, bai kira ba, ya miƙa kaya ga wanda bai tambayi sunansa ba. Amma ba shi ya ƙera manhajar da ke barin a rufe kayan naira 186,000 da hoton benci ba, ba shi ya ɗora wa kansa kayan da ba za su ƙare kafin dare ba, kuma kamfanin da ke son a kira kwastoma ya kamata ya sa katin kiran. In an cire masa kuɗin aka bar zaɓin nan yadda yake, wani yaron zai danna shi a wata ƙofar. Na roƙi a ƙalla a hana bin wannan zaɓin sai an samu mai kaya a waya ta amince da bakinta, a kuma rubuta sunan maigadin da lambarsa. Ya ce ba a reshe ake yanke wannan ba, amma in na rubuto zai tura sama. Na rubuta a nan teburinsa, na sa lambar ƙorafin a kai, na karɓi kwafi.

Hajiya ta ce in sauran kayan sun dawo in ajiye mata mayafin, za ta saya wa 'yarta. Leshin zan sa a shafina gobe. Na duba allon da daddare, an cire Delivered, an sa Returned to sender, kuma motar da za ta kawo shi za ta taso daga Abuja ranar Alhamis.